Yadda ake lissafa pH a taitireshan ɗin H₃PO₄ da gano inda bafa take

Asid ɗin H₃PO₄ yana da H⁺ uku da zai iya saki, amma ba ya sakin su lokaci ɗaya. Na farko yana fita cikin sauƙi, na biyu sai an matsa masa, na uku kuwa kamar cire haƙori ne. Lambobinsa a 25 °C su ne pKa1 = 2.15, pKa2 = 7.20, pKa3 = 12.35. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan 5, shi ya sa ake iya ɗaukar kowane mataki shi kaɗai, kamar asid uku ne daban a kwalba ɗaya.

Taitireshan shi ne ɗiga NaOH kaɗan-kaɗan a cikin asid ɗin ana bin yadda pH yake canzawa. Ga abin da za mu yi aiki da shi: 25.0 mL na H₃PO₄ mai ƙarfin 0.100 M a kwalba, da NaOH mai ƙarfin 0.100 M a buret. Kafin ka taɓa wani lissafin pH, fara ƙirga mol. Asid ɗin 2.50 mmol ne, kuma kowane H⁺ zai ci 25.0 mL na NaOH. Ke nan wuraren daidaito, wato inda NaOH ya gama cinye H⁺ na kowane mataki, suna kan 25, 50 da 75 mL, rabin hanya kuma a 12.5, 37.5 da 62.5 mL. Duk inda aka tambaye ka pH, tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: bayan NaOH ya gama cin abin da zai ci, me ya rage a kwalbar? Amsar ce take zaɓa maka dabarar lissafi.

Kafin a ɗiga NaOH

H₃PO₄ ne kaɗai a ciki, don haka Ka1 = 7.1 × 10⁻³ kawai za ka duba. Ka rubuta x²/(0.100 − x) = 7.1 × 10⁻³, inda x shi ne [H⁺]. A nan ɗalibai da yawa suke jefar da x ɗin ƙasa su sami 0.027 M. Amma wannan ya kai kashi 27 cikin ɗari na asid ɗin, alhali ba a jefar da x sai in bai wuce kashi 5 ba. Dole a warware lissafin gaba ɗayansa, sai x ya fito 0.0233 M, pH kuma 1.63.

Bafa ta farko, da tarkon da ke cikinta

Bafa ita ce haɗin asid mai rauni da abin da ya koma bayan ya saki H⁺, haɗin da ke hana pH motsi sosai. A 12.5 mL, rabin asid ɗin ya koma H₂PO₄⁻. Kowane ɗayansu 1.25 mmol ne a cikin 37.5 mL, wato 0.0333 M. Dabarar Henderson-Hasselbalch, pH = pKa + log([A⁻]/[HA]), za ta ce maka 2.15. Ba haka abin yake ba. Dabarar ta ɗauka cewa asid ɗin da ya rage ya zauna yadda yake, shi kuwa H₃PO₄ yana da ɗan ƙarfi, yana ci gaba da sakin H⁺ da kansa. In ka rubuta x(0.0333 + x)/(0.0333 − x) = 7.1 × 10⁻³, za ka sami x = 0.0052 M, pH = 2.29. Hanyar gane irin wannan matsala mai sauƙi ce. Ka duba [H⁺] ɗin da amsarka ta bayar, ka kwatanta shi da ƙarfin sinadaran biyu. pH 2.15 na nufin 0.007 M, kusan kashi ɗaya cikin biyar na 0.0333. In ya yi girma haka, gajeriyar hanya ba ta ɓullewa.

Daidaito na farko, 25.0 mL

Yanzu H₂PO₄⁻ ne zalla, 0.050 M. Shi wannan ɗan tsaka-tsaki ne, yana iya ba da H⁺, yana iya karɓa. Saboda haka ba a lissafa shi kamar asid mai rauni na yau da kullum. Ana haɗa pKa na bayansa da na gabansa a raba biyu: (2.15 + 7.20)/2 = 4.68. Cikakkiyar dabarar, [H⁺] = √(Ka1(Ka2·C + Kw)/(Ka1 + C)), inda C shi ne ƙarfin H₂PO₄⁻ ɗin, Kw na ruwa kuma 1.0 × 10⁻¹⁴, ta ba da 4.70. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Bafa ta biyu, wadda ake amfani da ita sosai

Daga 25 zuwa 50 mL, H₂PO₄⁻ da HPO₄²⁻ ne suke zaune tare, kuma a nan Henderson-Hasselbalch take aiki lafiya lau, domin [H⁺] da [OH⁻] duk ƙanana ne ƙwarai. Ɗauki 30.0 mL. Abin da ya wuce daidaito na farko 5.0 mL ne, wato 0.50 mmol na NaOH. Ya mayar da 0.50 mmol zuwa HPO₄²⁻, ya bar 2.00 mmol na H₂PO₄⁻. Sai pH = 7.20 + log(0.50/2.00) = 6.60. Ba sai ka raba da yawan ruwan ba, tunda sama da ƙasa duk a kwalba ɗaya suke. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne amfani da 30 mL ɗin gaba ɗaya, a manta cewa 25 na farko H⁺ na farko ya cinye su.

A 37.5 mL pH ya zama 7.20 daidai. Iyakar bafa kuwa ita ce pKa ± 1, daga 6.20 zuwa 8.20, inda ɗayan bai ninka ɗan'uwansa fiye da sau goma ba. Don ka mayar da wannan zuwa buret, 1:10 na nufin kashi ɗaya cikin 11 na 25 mL, wato 2.3 mL. Bafar ta fara ke nan a 27.3 mL ta ƙare a 47.7 mL. A kan zanen pH, nan ne layin yake kwanciya. Ka zuba sama da 20 mL na NaOH, pH bai motsa da fiye da 2 ba.

In ka sa mitar pH a ɗakin gwaji, kada ka yi mamaki idan ta nuna maka abin da bai kai 7 ba a rabin hanya. Yawan gishirin da ke narke a ruwan yana rage wa HPO₄²⁻ kuzari. Ko bafar da ake saita mita da ita, 0.025 M KH₂PO₄ da 0.025 M Na₂HPO₄, 6.86 take bayarwa a 25 °C.

Daga 50 mL zuwa gaba

A 50.0 mL, HPO₄²⁻ ne zalla, 0.0333 M. Raba biyu zai ba ka 9.78, amma a nan ruwa ya shigo cikin maganar, domin Ka3·C = 1.5 × 10⁻¹⁴ ya yi kusa da Kw. Cikakkiyar dabarar, da Ka2 da Ka3 a gurbin Ka1 da Ka2, ta ba da 9.66. A cikin sinadaran da ke canza launi don nuna an kai daidaito, fenolftalin yana kama wannan wurin, thaimolftalin ya fi shi dacewa. Daidaito na farko kuma da buromokiresol kore ake kama shi.

A 62.5 mL ne gajeriyar hanya take faɗuwa warwas. Za ta ce 12.35, wanda ke buƙatar [OH⁻] na 0.022 M. Amma duk NaOH ɗin da ka ƙara bayan 50 mL, 1.25 mmol ne a cikin 87.5 mL, wato 0.014 M. Daga ina sauran zai fito? Gaskiyar ita ce PO₄³⁻ yana ƙwace H⁺ daga ruwa ya koma HPO₄²⁻. Da Kb = Kw/Ka3 = 0.022, ka warware y(0.0143 + y)/(0.0143 − y) = 0.022, inda y shi ne [OH⁻], sai ya fito 0.0072 M, pH kuma 11.86.

A 75.0 mL, y²/(0.025 − y) = 0.022 ya ba da y = 0.015 M, pH kusan 12.17. Kashi 60 cikin ɗari na PO₄³⁻ ɗin ya riga ya koma baya. Daga 11.86 zuwa 12.17 babu wani tsalle da ido zai gani, shi ya sa zanen H₃PO₄ da NaOH yake nuna tsalle biyu kacal duk da H⁺ uku. In naka zanen ya nuna daidaito na biyu ya ɗan wuce ninkin na farko, ka fara binciken kwalbar NaOH, mai yiwuwa an bar ta a buɗe ta sha iskar CO₂.