Yadda ake sa wa kwalaye lamba a haɗa su da takardar lissafi idan za a tashi gida

Yawancin masu tashi suna rubuta "kicin" ko "falo" a saman kwali su ce sun gama. Ranar tashi kwalayen kicin tara ne, duk sunansu ɗaya, kuma 'yan dako sun jibga wani a kan wani, rubutun ma ya ɓuya. Idan ɗaya ya yi ƙafa, sai bayan mako biyu, uwargida na neman injin markaɗe, za a farga.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin makaranta mai shafi 40, biro, baƙar maka mai kauri da babban salatif. Kada ku yi amfani da takardu warwatse, ɓacewa suke yi. Kwalaye kuwa a nemi na taliya ko na madara wajen mai shagon unguwa, ba sai an sayi sababbi ba. A guji kwalin sabulu, ƙamshinsa yana kama garin tuwo da shinkafa.

A fara da ba kowane ɗaki harafi: K kicin, F falo, U uwar ɗaka, Y ɗakin yara, S sito. Harafin na ɗakin da kayan za su shiga ne a sabon gida, ba inda suka fito ba. Kowane ɗaki a ware masa shafi biyu a littafin.

Ga inda na taɓa yin kuskure. Lokacin da muka tashi daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, kowane ɗaki na fara ƙirga shi daga ɗaya, sai na samu kwali mai lamba 3 har guda huɗu. Ƙanina na tsaye a bakin mota yana cewa "uku ya shiga", ni kuma ina sa alama ban san wane ukun ba. Ashe na sito yana can bayan ƙofa, sai da sabon ɗan haya ya kira mu. Tun daga ranar lamba ɗaya nake ja tun daga farko har ƙarshe. Idan kicin ya tsaya a K11, falo ya fara da F12, ya ƙare a F17, uwar ɗaka ta ɗauka daga U18. Lambar ƙarshe ita ce jimillar kayanku. Idan Y34 ne na ƙarshe, kaya 34 za su hau mota, 34 za su sauka, ba sai an yi wani lissafi ba.

Lambar a rubuta ta manya-manya a gefe biyu na kwalin da kuma sama, kafin a zuba komai a ciki. Mutum ɗaya na zubawa yana faɗa, ɗaya na rubutawa, kuma ba a sa salatif sai layin kwalin ya cika a littafi. Wanda ya ce zai rufe tukuna ya rubuta daga baya, rabin abin zai tuna. Layin ya fito kamar haka: K9, injin markaɗe da kofunansa biyu, filas uku, rariya, mai fashewa. Kalmar "tarkace" haramun ce a littafina, domin cikinta rimot da cajar waya da makullin janareta suke maƙalewa. Ba sai an ƙirga cokula ba, amma duk abin da za a nema cikin makon farko a ambace shi da sunansa.

A jikin kwalin kuwa lamba kawai, sai "mai fashewa" idan tangaran ne. Kada a rubuta atamfofi ko leshi a waje kowa na karantawa. Gwal, kuɗi da takardun makaranta ko na fili ba sa shiga kwali ma, a jakar hannu suke tafiya.

Buhu, akwati da Gana-mas-go su ma kaya ne, a liƙa musu takarda da salatif a ci gaba da lambar. Katifa, firji da kujeru a jera su a shafin ƙarshe. Idan an buɗe kwali an ciro abu, a soke shi a littafi nan take. Daren tashi a ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Ranar tashi mutum ɗaya ya tsaya a bakin mota da littafi, ba ya ɗaukar kaya, alama kawai yake sawa. Idan a-kori-kura za ta yi sawu biyu, a rubuta 1 ko 2 gaban kowace lamba. A sabon gida a manna harufan a ƙofofi, a sa alama ta biyu ga duk abin da ya sauka, kuma kada a sallami direba sai kowane layi ya samu alama biyu.