Kurakuran da Suke Kayar da Ɗalibai Wajen Fitar da Saiwar Kompiles Namba

Duk zangon da na zauna duba takardun ɗalibai a nan Gusau, kurakuran da na gani bara su ne nake sake gani bana a wannan darasi. Hannun da ya yi rubutun ne kawai yake sauyawa. Abin haushin ma, kusan kowa ya haddace ƙa'idar De Moivre, zai rubuto maka ita ba gyara:

```
w = r^(1/n) [cos((θ + 360°k)/n) + i sin((θ + 360°k)/n)]
k = 0, 1, ..., n-1
```

Hadda ba ita ce matsalar ba, wajen zuba lambobi ne ake tuntuɓe. Bari mu riƙe misali guda mu bi shi har ƙarshe: a fitar da saiwoyi na huɗu na z = -8 + 8√3 i.

Tsawon z ba ya ba kowa wuya. (-8)², wato 64, a tara da (8√3)², wato 192, ya ba da 256, saiwarsa 16, don haka r = 16. Kusurwar z, wato θ, ita ce take kayar da mutane, kuma ita ce kuskuren da ya fi ƙona min rai. Ɗalibi zai ɗauki kalkuleta ya raba 8√3 da -8, ya samu -√3, ya danna tan⁻¹, ta ba shi -60°, ya kwafe ya wuce abinsa. To, -60° ba kusurwar wannan lambar ba ce. Lambarmu tana hagu, domin -8 ne, kuma tana sama, domin 8√3 ba shi da alamar ragi. Tana kwadiran na biyu ke nan, kusurwarta tilas ta faɗa tsakanin 90° da 180°. Amsar ita ce 120°.

Kalkuleta ba ta yi ƙarya ba. Maɓallin tan⁻¹ ba ya taɓa ba da amsar da ta fita daga tsakanin -90° da 90°, kuma tun lokacin da ka yi rabawar nan ka ɓatar da shaidar ko wane ɓangare ne yake ɗauke da alamar ragi. Ko -8 + 8√3 i ka ba ta, ko 8 - 8√3 i, duka -√3 za ta gani. Kamar a ce maka mota tana kan babban titin da ya ratsa Gusau ne, ba a faɗa maka ko Talata Mafara ta nufa ko Tsafe ba: titi ɗaya, fuska biyu. Kai ne za ka duba ka san inda ta dosa. Idan lambar tana hagu, ƙara 180° a kan abin da kalkuleta ta ba ka, -60° ya koma 120°.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da mugunta shi ne ba ya nuna kansa. Wanda ya tafi da -60° zai samu kusurwoyi -15°, 75°, 165° da 255°, guda huɗu cif, tazara daidai, tsawo daidai, aiki tsaf kamar na littafi. Amma saiwoyin 8 - 8√3 i ya fitar, tambayar da ba wanda ya yi masa. Wata rana wani ɗalibi ya biyo ni ofis da takardarsa, ransa a ɓace, ya ce, "Malam, don Allah a sake dubawa, ai duk matakan na bi." Na miƙa masa biro na ce, "To Malam, zana min inda z take." Ya ja layuka biyu, ya ƙirga takwas zuwa hagu, ya ɗaga sama, sai ya yi shiru. Na ce, "Ina -60° ɗinka a nan?" Bai sake cewa uffan ba.

Shi ya sa a ajina, duk wanda bai yi zanen Argand ba, wato zanen da ke nuna inda lambar take zaune, kafin ya taɓa kalkuleta, ba na karɓar aikinsa. Wasu abokan aiki suna ganin na cika tsanani, sun fi son a koya wa yara Pol( da ke kan kalkuletocin Casio, wanda idan ka ba shi -8 da 8√3 zai fito maka da 16 da 120 kai tsaye. Ban ce ba ya aiki ba. Amma wanda bai san inda lambarsa take zaune ba, ranar da ya danna ba daidai ba, ba zai gane ba. Zanen ba ya buƙatar rula, layi biyu ne da ɗigo ɗaya. Shi ne kuma yake cetonka a lamba irin -8, inda tan⁻¹ zai ce 0° alhali 180° ne, ko irin 8i, inda rabawa da sifili za ta sa kalkuleta ta rubuta Math ERROR alhali ido yana ganin 90°.

Kuskure na biyu ganganci ne tsantsa: a raba kusurwa kafin a ƙara 360°k. Mutum zai raba 120° da 4 ya samu 30°, sannan ya ce bari ya ƙara zagaye, ya rubuta 30°, 390°, 750°, 1110°. Haba jama'a! Ai wannan wuri ɗaya ne ka zagaya ka dawo, ka sake zagayawa ka dawo. Saiwa ɗaya ka rubuta sau huɗu. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, da sun samu 30° sai su ja layi biyu a ƙasa, kamar tambayar ta ƙare. Lissafin w⁴ = z yana da amsa huɗu, ka kawo ɗaya, kana kuma jiran cikakken maki?

Dalilin da ya sa ake ƙarawa kafin rabawa shi ne, 120°, 480°, 840° da 1200° duk suna nuna z ɗin nan guda, amma da zarar an raba kowanne da 4 sai su watse: 30°, 120°, 210°, 300°. Ni yadda nake yi, ba na ma bin k ɗaya bayan ɗaya. Ina fitar da ta farko, in raba 360° da n in samu tazara, a nan 90°, sai in riƙa ƙara ta. Tsawon kowace saiwa 2 ne, tunda 2⁴ = 16. Amsoshin ke nan:

```
30°:   √3 + i
120°:  -1 + √3 i
210°:  -√3 - i
300°:  1 - √3 i
```

Idan ka ci gaba zuwa k = 4 za ka samu 390°, wato ka koma ta farko, don haka a n-1 ake tsayawa.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin maki. Kada ka raba r da n: 16 a raba da 4 ya ba da 4, alhali 2 ake nema, kuma masu wannan ɗabi'a galibi a misalin r = 4 da n = 2 suka ɗauko ta, inda hanyoyin biyu suka dace a kan 2 bisa katari. Duba saman allon kalkuletarka ko D ne na digiri ko R na radiyan, domin cos 30 a radiyan kusan 0.154 yake bayarwa maimakon 0.866. Kada ka rubuta 120° + 2πk, ka zaɓi digiri ko radiyan ka tsaya a kai. Kuma i ɗin da yake gaban sin yana yawan ɓacewa a layi na biyu.

Akwai masu gwada amsa ta hanyar tara saiwoyin duka su ga ko sun ba da sifili. Gwaji ne mai kyau, yana kama wanda ya rasa saiwa ko ya juya alama, amma ba ya kama kuskuren kwadiran, domin saiwoyin mai -60° ma sifili suke bayarwa idan an tara su. Gwajin da na yarda da shi shi ne ka ɗauki saiwa mafi sauƙi ka mayar da ita. (√3 + i)² ya ba da 2 + 2√3 i. Ka sake ninka wannan da kansa, ka samu 4 - 12 + 8√3 i, wato -8 + 8√3 i. Idan lokacin jarrabawa ya ƙure maka, ninka kusurwar da n kawai: 30° sau 4 ya ba da 120°, sai ka leƙa zanenka ka ga ko 120° yana nuna inda ka sa ɗigon.