Yadda ake tsara kalaman tallar rangwamen azumi na shagon kayan masarufi

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, wayoyin mutanen Bauchi kan cika da hotunan talla. Kusan duk magana ɗaya suke yi: garaɓasa, farashi mai rahusa, sai kun zo. Magidancin da ke lissafin gero da sukarin da za su kai shi ƙarshen wata ba abin da ya ƙaru da shi daga irin wannan rubutu, don ba a faɗa masa nawa ne ba. Shi kuwa ya riga ya san yadda ake sayarwa a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, so yake ya gwada da naka. Saboda haka aikin yana farawa ne daga littafin lissafin shago, kafin a kai ga zaɓen kalmomi.

Matakin farko, ware kaya uku ko huɗu da za ka yi wa ragi na gaskiya. Kada ka ce komai na shago ya sauka, ba wanda zai yarda, kai ma ba za ka iya ba. Zaɓi abin da azumi ke ci kullum: sukari, gero na kunu, wake na ƙosai, man gyaɗa, madara, dabino, sai shinkafar masa, tunda Bauchi ce.

Daga nan ka yi lissafi. A ce kwalin taliya mai ƙulli 20 ka saro shi naira 17,000, kana sayarwa 19,000. Idan ka mayar da shi 18,000, ka rage dubu ɗaya, ka bar wa kanka dubu ɗaya, kuma a cikinta ne kuɗin dako da leda za su fita. In ya yi maka, to ga yadda za ka rubuta: da 19,000, yanzu 18,000. Kada ka rubuta shi da kashi cikin ɗari. Dubu ɗaya a cikin dubu goma sha tara kashi biyar ne da ɗan ɗori, kuma “ragin kashi 5” ba ya motsa kowa, alhali “an rage dubu ɗaya a kowane kwali” kuɗin cefanen miya ne da uwargida ke iya gani da ido. Waɗannan alkaluma misali ne kawai, kai ka sa na ranar da kake rubutu.

Akwai dabarar da wasu ke yi, su ɗaga tsohon farashin a rubuce don ragin ya yi kama da babba. A unguwa wannan ba ya ɓoyuwa. Yaron da aka aika makon jiya ya san nawa ya biya, kuma zai faɗa a gida.

Kowane farashi ya zo da ma'auninsa. “Sukari 2,500” ba magana ba ce sai an ce mudu ne ko kilo, haka mai sai an ce kwalba, galan ko jarka mai lita 25. Yawancin gardamar da ake yi a bakin kanta daga nan take tasowa, mai saye ya zo da kuɗin mudu, mai shago yana nufin kilo.

Sai maganar lokaci, kuma a nan azumi ya bambanta da sauran tallace-tallace. Ba ka san ranar da za a ɗauka ba sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, domin Sha'aban na iya yin 29 ko 30. Idan ka buga takarda ka ce ranar kaza ce ɗaya ga Ramadan, kana iya kuskure da kwana guda. Gara ka ce “daga yau zuwa 10 ga azumi”, kowa ya san yadda zai ƙirga. Ni a ganina goman farko ta fi dacewa da ragin kayan abinci, ita ce ta marmari, lokacin da ake cika gida da kaya, masu kai kayan azumi gidan surukai da masu rabon sadaka ma a nan suke saye. In aka shiga goman ƙarshe hankali ya koma wajen tela da kayan sallah, sai dai ka yi sabuwar talla ta fulawa da mai don masu cincin. Ka kuma duba inda ƙarshen watan Bature ya faɗo, don Bauchi gari ne na ma'aikata, ragin da ya ƙare kafin albashi ya shigo ba zai riski da yawa daga masu sayenka ba.

Kada ka manta da iyaka. In ragin na ƙwarai ne, wani mai tireda zai zo da Keke Napep ya kwashe kwali talatin da safe, ya koma ya sayar a tsohon farashi, mutanen da ka yi domin su kuma su tarar babu. Rubuta cewa mutum ɗaya ba zai wuce kwali biyu ba, ka ƙara da “ko har kaya su ƙare”.

Yanzu sai a haɗa. Layin farko shi ne mai ɗauke da ragin, saboda a WhatsApp da Facebook dogon rubutu yankewa yake, layukan sama kaɗai ake gani sai an taɓa. Gaisuwa ta zo a gajarce. Ga misali:

Rangwamen azumi: an rage dubu ɗaya a kwalin taliya.
Barkanmu da shigowar Ramadan.
Taliya, kwali mai ƙulli 20: da 19,000, yanzu 18,000
Sukari, mudu: da 2,800, yanzu 2,500
Gero, mudu: da 1,200, yanzu 1,050
Daga yau zuwa 10 ga azumi, ko har kaya su ƙare. Mutum ɗaya, kwali biyu.
Muna buɗe 8 na safe zuwa 6 na yamma, mu dawo bayan tarawihi.
Ana karɓar tiransifa da kati.

A ƙasa sai sunan shago, lambar waya guda ɗaya da ake ɗauka, da kwatance irin wanda ɗan acaɓa zai gane, kamar daura da masallacin Juma'a ko bayan gidan mai, ba lambar gida ba. Layin lokutan buɗewa yana da amfani fiye da yadda ake zato, don babu takaici kamar mai azumi ya tako da rana ya tarar an rufe an tafi tafsiri.

Abubuwa biyu kada su shiga. Na ɗaya rantsuwa, irin su “wallahi babu mai araharmu”. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Na biyu ayar Alƙur'ani a takardar da za a buga a raba. Takardar talla ƙarshenta ƙasa ne, ko a naɗe ƙosai da ita. In hoton waya ne kawai da sauƙi, amma ko a nan addu'a gajeriya ta wadatar.

Kafin mai zane ya buga, ka sa ya turo maka ka karanta alkaluman ɗaya bayan ɗaya, don sifili guda in ya faɗi, 18,000 ta koma 1,800. Ka ba wani na gida ya karanta, ka tambaye shi nawa ne, a ina ne, zuwa yaushe. In ya yi jinkiri a ɗaya, gyara wannan layin. Sannan ka liƙa kwafi a gaban kanta don yaran shago su faɗi farashi ɗaya da na takarda. A waya kuwa, ka ɗora bayan tarawihi lokacin da mutane suka natsu, kuma ranar da wani kaya ya ƙare ko farashin sari ya tashi, ka sauke tsohon hoton ka sa sabo mai kwanan wata a jiki.