Darasi na Shida: Kada Ladabi Ya Zube A Hanyar Fassara

A ƙungiyar da wasu ke jin Hausa wasu kuma sai Turanci, yawancin rigimar da na gani ba daga zagi ta faro ba, daga fassara ce. Mai magana ya faɗi abinsa da zuciya ɗaya, tafinta ya juya kalmomin daidai, amma wanda aka yi domin shi ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido.

Ga dalili. Mu a Hausa muna da kai, muna da ke, muna da ku, kuma ku ɗin nan bayan jam'i muna girmama babba da shi. Faransanci ma yana da irin wannan, kalmar aboki daban, ta girmamawa daban. Turancin yau kuwa kalma ɗaya tak gare shi, da ita za a kira yaro, da ita za a kira tsoho, da ita za a kira mutum hamsin. To duk lokacin da aka juyo saƙo daga Turanci dole tafinta ya zaɓa da kansa, in kuwa ya yi gaggawa sai ya cafko kai, don ita ce a bakin harshe.

Bari mu ɗauki misali. Sakatariyar wata ƙungiyar adashe, yarinya ce ba ta jin Hausa sosai, ta rubuta wa wani dattijo saƙo da Turanci, har da kalmar roƙo a ciki. Wani matashi ya fassara masa haka: "Ba ka biya kuɗin watan jiya ba. Ka biya kafin Juma'a." Dattijon nan bai ce uffan ba, hularsa kawai ya gyara ya miƙe, sati biyu ba a gan shi a taro ba. Ita kuwa baiwar Allah tana ta tambaya me ta yi.

Ku duba abin da ya zube. Babu gaisuwa, babu Baba, kalmar roƙon ta ɓace, sannan "ba ka biya ba" ta nuna shi da yatsa kamar an kama shi da laifi. Da cewa aka yi: "Baba, barka da yini. An duba littafi ba a ga kuɗin watan jiya ba, don Allah a taimaka a kawo kafin Juma'a." Maganar dai ita ce, amma wannan "an" da "a" ɗin su ne suka rufa masa asiri, sun kuma bar ƙofa ko kuskuren daga littafin ne, wanda yakan faru fa.

Sai dai akwai iyaka. Na sha ganin tafinta mai kunya ya yi ta lallashi har Juma'ar ta ɓace, ya ce "a kawo in an samu hali". Wannan ba fassara ba ce, ya canja saƙon mutane, kuma ranar Asabar za a zargi dattijon da abin da ba a gaya masa ba. Gaisuwa da lafazi naka ne ka gyara, amma rana da adadi da abin da ake so a yi, waɗannan ba a taɓa su.

In an juya daga Hausa zuwa Turanci ma akwai tarko. Mutum ya ce "to, zan duba" ko "sai mun gani", mu mun san sau da yawa a'a ce aka sa mata riga, amma in ka juya ta kalma da kalma sai ɗaya ɓangaren ya ɗauka alkawari aka yi masa, ya zauna jira. Kada ka yanke hukunci da kanka, koma wajen mai maganar a hankali: "Yaya, in ce musu kin amince, ko in ce tukuna?"

Kai kuma da aka fassara maka saƙo ka ji ya yi kaushi, alamar da za ka duba ita ce ko mutumin ya saba yi maka magana haka ido da ido. In bai saba ba, kafin ka mayar da martani ka ce a sake karanta maka na asalin, ko wani daban ya juya.

Aikin gida: ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya karanta wannan saƙo, "Kin makara. Gobe ki zo ƙarfe tara." Ɗayan ya sake faɗin sa yadda zai gaya wa sa'ar mahaifiyarsa, sannan ku duba tare ko ƙarfe taran tana nan.