Darasi na 6: Daga Mai Aiki Shi Kaɗai Zuwa Ƙaramin Kamfani

Mutumin da yake karɓar aiki yana yi shi kaɗai yakan kai matsayin da aiki zai fi ƙarfinsa, sai ya nemi wasu su taya shi. A wannan darasi za mu ɗauki misalin mai fassara, ko da yake lissafin zai yi wa mai zane ko mai rubutu amfani.

A ce an kawo maka takarda mai kalmomi 12,000, kuma mai aikin yana son ta da gaggawa. Mai fassara ɗaya yakan yi kalmomi wajen 2,000 a rana idan yana aiki a tsanake, wato kai kaɗai za ka yi kwana 6. Sai ka raba takardar gida biyu, ka ba mutum biyu kalmomi 6,000 kowanne, ka yi alkawarin kwana 3. A nan ne kuskuren farko yake, domin ba ka lissafa lokacin bita ba. Mai bita yakan duba kalmomi wajen 1,000 a awa ɗaya yana gwada fassarar da asalin rubutun, saboda haka takardar tana bukatar awa 12. Idan masu fassara suna miƙo kalmomi 4,000 kowace yamma, mai bita yana bin su washegari, aikin zai ƙare a rana ta 4, kuma ita ya kamata ka faɗa wa mai aiki tun farko.

Ayyuka uku ke nan suka bayyana: fassara, bita, da kula da aiki. Mai kula da aiki shi kaɗai ne yake magana da mai aiki, shi yake faɗin farashi da ranar miƙawa, domin idan baki ya zama biyu, alkawari ma zai zama biyu. Ba laifi mutum ɗaya ya riƙe ayyuka biyu, kamar ka zama mai kula kuma mai bita, amma kada wanda ya yi fassara ya zama mai bitar aikin kansa, don ido yakan tsallake kuskuren da hannunsa ya rubuta. Ƙa'idar fassara ta duniya mai suna ISO 17100, wadda ta fito a 2015, ta shardanta cewa wani mutum daban ne zai yi bitar.

Sai batun kuɗi, inda zumunci ya fi ɓaci. Lokacin da kake kai kaɗai, wannan takarda awa 36 za ta ci maka, idan ana aikin awa 6 a rana. Yanzu an ƙara awa 12 na bita da wajen awa 4 na saƙonni da rabon aiki da haɗa shi, jimla awa 52. Idan ka bar tsohon farashinka yadda yake, awa 16 ɗin nan kyauta wani zai yi su, kuma galibi kai ne. Dole farashin ya ƙaru, kuma ya zama ɗaya a rubuce, wanda kowa a cikinku ya sani. Rabon da zai dace da wannan misali shi ne, cikin kowane kashi 100 masu fassara su ɗauki 60, mai bita 20, mai kula 10, sauran 10 kuma su shiga asusun kamfani. Wannan asusu ba riba ba ce da za a raba a ƙarshen wata; da shi ake biyan masu fassara idan mai aiki ya yi jinkirin biya, da shi kuma ake biyan gyara idan an dawo da aiki. A yi wannan magana kafin a fara, a rubuta har da ranar biya.

Matsalar da rabon aiki yake haifarwa ita ce saɓanin kalmomi. Mutum na farko zai rubuta "yarjejeniya", na biyu ya rubuta "kwangila" a kan abu guda, mai karatu ya ɗauka abubuwa biyu ake nufi. Maganinsa shi ne, kafin kowa ya fara, mai kula ya tsamo kalmomi 30 ko 40 da suka fi maimaituwa, a tsayar da fassarar kowacce a takarda ɗaya da kowa zai riƙa dubawa.

Agogon mai bita ma yana faɗin ingancin aiki. Idan kalmomi 1,000 suka ci masa awa biyu, ya bar bita ya koma sake fassara, kuma kashi 20 ɗinsa ba zai biya wannan wahala ba. Ya tsaya tun a shafukan farko, ya nuna kurakuran, musamman waɗanda suka sauya ma'ana ko lamba ko suna, a mayar wa mai fassarar ya gyara da hannunsa. Shi ya sa ake fara gwada sabon mutum da kalmomi 300, kafin a danƙa masa 6,000.

Aikin yi: An kawo takarda mai kalmomi 8,000, kana da masu fassara biyu da mai bita ɗaya. Lissafa ranar da za ka yi alkawarin miƙa ta.