Takardar Tunatar da Iyaye Kuɗin Islamiyya: Inda Ake Yin Kuskure

Yawancin takardun da Islamiyya ke aika wa iyaye ba ladabi suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne adadi da rana. Za ka ga sallama da addu'a da godiya sun cinye rabin shafi, sai can ƙasa a ce "muna roƙon iyaye su taimaka su kawo kuɗin makaranta nan ba da jimawa ba." Uba ya karanta, ya ce Allah ya ba da iko, ya ninke ya ajiye.

Kalmar "a taimaka" ita ce matsala ta farko. Da yawa daga cikinmu mun taso ne da kuɗin Laraba na makarantar allo, wanda ake bayarwa gwargwadon hali, don haka har yanzu wasu iyaye kallon sadaka suke yi wa kuɗin Islamiyya. Idan takarda ta zo da harshen roƙo, ta tabbatar musu da wannan zaton. Alhali da kuɗin nan ake biyan malaman da su ma suke da iyali. A rubuta "a biya", a faɗi adadin, a ambaci abin da ake yi da shi a jimla ɗaya. Babu rashin kunya a cikin haka.

Sai ranaku. "Za a koma bayan Sallah" ba rana ba ce. Wani zai turo ɗansa bayan kwana uku, wani bayan mako biyu. Rubuta kwanan watan Musulunci shi kaɗai ma yana kawo ruɗani idan watan bai kama ba tukuna, domin shigarsa sai an ga wata, kuma lissafin zai iya motsawa da kwana ɗaya. A sa sunan ranar, a sa kwanan watan boko. A kuma raba ranar komawa da ranar ƙarshe ta biya, kowace da layinta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne tona asiri. Wasu makarantu kan liƙa sunayen waɗanda ba su biya ba a jikin bango, ko a kira yaro gaban aji a ce ya faɗa wa babansa. Yaron bai ci bashin kowa ba. Abin da zai ɗauka ya kai gida kunya ce, kuma uban da aka kunyata sau da yawa cire ɗansa yake yi maimakon ya biya. Takardar gama-gari ta je wa kowa ba tare da suna ba. Wanda ya wuce wa'adi a tuntuɓe shi shi kaɗai, ta waya ko a ambulan rufaffe. Haka nan kada a jawo aya ko hadisi a kan cin haƙƙi a ɗora wa iyaye, domin mai niyyar biya ma sai ya ji kamar an tuhume shi.

Ana kuma yin barazanar da ba za a cika ba. In an ce za a kori yara aka bar su, to zango mai zuwa ba wanda zai ɗauki takardar da muhimmanci. Hukumar makaranta ta fara yanke matakin da za ta iya tsayawa a kansa, sannan a rubuta, a bar ƙofa ga mai uzuri.

Ga misali:

"Assalamu alaikum. Iyayenmu masu girma, za a koma karatu ranar Asabar, 4 ga Janairu, da ƙarfe 4:00 na yamma, a yi hutu ranar Laraba, 26 ga Fabrairu.

Kuɗin zango Naira 3,000 ne ga kowane ɗalibi, kuma da shi ake biyan malamai. Ranar ƙarshe ta biya ita ce Laraba, 15 ga Janairu. Ana biya wurin ma'aji ko ta asusun makaranta. Wanda ya tura ta banki ya rubuta sunan yaro da ajinsa, ya karɓi rasit.

Mai uzuri, da mai riƙon marayu, ya ga shugaban makaranta kafin wannan rana don a tsara biya kashi biyu. Maganar za ta tsaya tsakaninsu. Wanda bai biya ba kuma bai zo ba, za a gayyace shi ranar Asabar, 18 ga Janairu, kafin ɗansa ya ci gaba da shiga aji. Allah ya yi wa zuri'a albarka."

Kada a manta da batun sunan yaro. Sau da yawa kawu ko maƙwabci ne ke tura kuɗin, ma'aji ya ga sunan da bai sani ba, sai a aika wa wanda ya riga ya biya takardar bin bashi. Kafin a tuntuɓi kowa ranar 18, a zauna a gwada littafin rasit da abin da ya shiga asusu, suna bayan suna.