Hoton Excel ba tare da tambaya ba: inda ake kuskure da yadda za a gyara

A Kumasi, duk wanda aka san ya iya kwamfuta, daga Aboabo har Asawase, ya saba da wannan saƙo a WhatsApp: hoton shafin Excel, a ƙarƙashinsa "Salam Yaya, duba min", shi ke nan. Mai aikowa yana ganin matsalar a fili take, tunda shi ya wuni da ita. Wanda aka aiko wa kuwa lambobi kawai yake gani.

A ganina kuskuren mai taimako ya fi girma, wato ya kama aiki bai tambaya ba. Yana jin nauyin kada a ce bai gane ba, sai ya rubuta fomula ya tura, alhali Hajiya mai shago da ta aiko hoton so take ta san kayan da suka fi fita a wannan watan. Tambayar ma tana da yadda ake yinta. "Me kike so?" ba ta cika kawo amsa ba, domin mai shago ba lallai ta san sunan abin da take nema ba. Gara a ce: "Hajiya, lissafin ne bai fito daidai ba, ko rubutun ne ya cakuɗe kike so a gyara, ko taƙaitawa kike so, kuɗin kowane kaya daban?" Nan take za ta nuna nata.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan abinci a kasuwar Kejetia. Sunan kaya yana kolum ɗin B, kuɗi a D, daga layi na 2 zuwa na 6: Shinkafa 450, Mai 300, Sukari GHS 250, Shinkafa 600, Mai 150. A ƙasa jimla ta nuna 1500. In ka haɗa da kanka, sidi 1750 ne. Ina 250 ta shiga? An rubuta GHS da hannu a gaban lambar, sai Excel ya ɗauki gidan a matsayin rubutu, kuma SUM, fomular da ke haɗa jimlar, tsallake rubutu yake yi ba tare da ya yi gargaɗi ba. Alamar da hoto zai iya nunawa ita ce lambar ta jingina hagu, sauran suna dama. Amma alama ce kawai, don ana iya karkatar da lamba da hannu. Tabbaci sai an gwada a cikin fayil:

```
=COUNT(D2:D6)
=COUNTA(D2:D6)
```

Na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, zai ba da 4. Na biyu yana ƙirga duk gidan da ba fanko ba, zai ba da 5. Bambancin nan ya nuna gida ɗaya ba lamba ba ne. A goge GHS a bar 250, jimla ta koma 1750. Ka ga fomular lafiyarta ƙalau, gyaran rubutu ake buƙata. Da an tura mata sabuwar fomula, 1500 ɗin za ta sake gani.

To a ce taƙaitawa ta zaɓa, kuɗin shinkafa kaɗai:

```
=SUMIF(B2:B6,"Shinkafa",D2:D6)
```

Ya kamata ya ba da 1050. In ya ba da 450, to mai yiwuwa an bar tazara bayan Shinkafa ta biyu wajen bugawa, abin da ido ba ya gani, balle hoto. SUMIF bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma wannan tazara tana mayar da sunan wani kaya daban. Ana cire ta da `=TRIM(B2)` a wani kolum, a ja shi ƙasa, sannan a yi taƙaitawar da sabon kolum ɗin. Shi ya sa ko me aka nema, da gyaran rubutu ake farawa, fomula ta biyo baya, taƙaitawa a ƙarshe. In an juya tsarin, lamba za ta fito tsaf amma ba gaskiya ba ce, kuma da ita Hajiya za ta yanke shawarar kayan da za ta saro.

Shi kuma mai aikowa, laifinsa yawanci yanke hoto ne. Yana cire haruffan sama da lambobin gefe, da sandar da fomula ke bayyana, sai mai taimako ya rasa gidan da zai ambata. Ka taɓa gidan da ke damunka kafin ka ɗauki hoton, don fomularsa ta fito a sama. Ka ƙara jimla ɗaya mai faɗin abin da ka gani da abin da kake tsammani: "Yana ba ni 1500, ni kuma 1750 na lissafa." Ka faɗi ko Excel ne ko Google Sheets, a waya ko a kwamfuta, don wuraren latsawa sun bambanta.

In gyaran rubutu ne, hoto ba zai wadatar ba, fayil ɗin kansa za a tura. Kafin turawa a yi kwafi, a goge sunayen masu bashi da lambobin MoMo ɗinsu daga kwafin, a bar kaya da kuɗi kawai.